Tura wa kwastomomi tes da yawa: ta layinka, ta kamfani, ko ta hannun mai kafe?

Shagon yayana yana yankin Kura, inda ake noman rani, kuma taki da iri da maganin feshi yake sayarwa. Ni ke riƙe masa littafin kwastomomi, wanda yanzu yake da lambobi 400. Duk shekara, da an fara shirin dashen tumatir, sai maganar nan ta taso: ta yaya za a sanar da mutum 400 cewa kaya sun iso, alhali yawancinsu ƙaramar waya mai madanni suke riƙewa, ba su da WhatsApp? Mun gwada hanyoyi uku, mun ga amfanin kowacce, mun kuma yi asara a wasu. Idan kai ma kana tsakanin ka ci gaba da turawa ta layinka, ko ka buɗe asusu a kamfanin tura saƙo, ko ka ba mai kafe ya tura maka, ga yadda nake ganin ya kamata ka auna su.

Abin da za ka auna da shi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya kan farashin da aka rubuta a talla. Kuɗin da ya shafe ka shi ne abin da ka kashe a kan kowane saƙo da ya shiga wayar mutum, domin saƙon da ya maƙale a hanya bai kawo maka kwastoma ba. Bayan wannan sai ka duba sunan da zai fito a wayar manomi, ko za ka iya sanin wanda saƙon ya isa gare shi da wanda bai isa ba, wahalar aikin, ɗorewarsa, da kuma abin da ka iya ɓacewa.

Kafin mu shiga hanyoyin, akwai abu ɗaya da ya shafe su duka, kuma mu masu rubutu da Hausa ya fi cin aljihunmu. Ana cajin tes ne da shafi. Shafi ɗaya yana ɗaukar harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi da aya da waƙafi. In saƙo ya wuce haka, sai a rarraba shi, kowane shafi ya koma harafi 153, saboda ana cire ɗan gurbi don haɗa sassan a wayar mai karɓa. To amma wannan lissafin na haruffan da tsarin tes ya sani ne tun asali. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikinsu. Alamar naira ma ba ta ciki, haka ƴan hotunan nan na dariya da addu'a, haka rubutun ajami. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon gaba ɗaya yana sauya tsari: shafi ya koma harafi 70, in kuma ya wuce ɗaya, harafi 67 kowanne.

Ga saƙon da muka tura:

```
Salamu alaikum. Takin kamfa da yuriya sun iso. Akwai irin tumatir da na albasa. Za mu bude karfe 7 na safe ranar Laraba. Kira 080XXXXXXXX.
```

Harafi 138 ne, wato shafi ɗaya. Da na rubuta "buɗe" da "ƙarfe" yadda ya dace a rubuta su, shafi biyu na 67 za su ɗauki 134 kacal, saura huɗu su buɗe shafi na uku. Haruffa biyu sun ninka kuɗin sau uku. Ina son rubutun Hausa da ƙa'idarsa, kuma ba na jin daɗin sauke lanƙwasar, amma a tes na talla ina sauke ta, sannan in kauce wa kalmar da ma'anarta za ta rikice, irin su baki da baƙi. Wani dalilin kuma, wasu ƙananan wayoyin ba sa nuna waɗannan haruffa, sai ka ga ɗan akwati a gurbinsu. A wurin alamar naira sai ka sa N kawai.

Ta layinka na kanka

Wannan ita ce hanyar da kowa ya fara da ita. Tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin sadarwa a watan Janairun 2025, tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6 a kan shafi. Mutum 400 ke nan naira 2,400, in ba ka sayi ƙunshin tes mai rahusa ba.

Ƙarfinta yana wurin sanayya. Lambar Yaya ce take fitowa, wadda manomi ya riga ya ajiye, kuma yana gama karantawa zai danna kira ya ce, "Alhaji, a ajiye mini buhu biyu." Saƙon mutum zuwa mutum kuma tsarin hana talla ba ya tare shi. Rahoton isarwa ma akwai, in ka kunna shi a saitin saƙonni na wayarka, sai dai ɗaya bayan ɗaya yake zuwa, ba ka da teburin da za ka duba gaba ɗaya.

Rauninta wahala ce da haɗari. Na taɓa zama daga bayan la'asar har isha'i ina zaɓar sunaye ashirin-ashirin, kuma washegari na gano na tsallake mutanen ƙauye guda. Wasu wayoyin in ka zaɓi mutane da yawa sai su mayar da saƙon na rukuni mai buƙatar data, wanda ƙaramar waya ba ta buɗewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne layin kansa: kamfanonin waya suna sa ido kan layin da ke watsa saƙo iri ɗaya ga ɗaruruwan mutane a ɗan lokaci, kuma suna iya taƙaita shi. In layin nan ne asusun bankinka yake kai, ka ga ka sa babban abu a bakin wuta saboda ƙarami.

Ta asusunka a kamfanin tura saƙo

Nan ne abin ya fi faɗi, don haka zan ɗan daɗe. Kamfanoni irin su Termii da BulkSMSNigeria da SmartSMSSolutions da KudiSMS suna da haɗi da MTN da Airtel da Glo da sauransu. Kai za ka buɗe asusu a shafinsu, ka zuba kuɗi ta taransifa, ka ɗora lambobinka, ka rubuta saƙo sau ɗaya, su kuma su miƙa wa kowane kamfanin waya nasa. Babbar waya da data kaɗan sun isa.

Lambobin ana so su kasance a tsarin ƙasa da ƙasa, wato a cire sifirin farko a sa 234. In a Excel ka tara su, ka mayar da gurbin da za ka zuba lambobin ya zama na rubutu tun kafin ka fara shigarwa, in ba haka ba zai cinye sifirin farko, doguwar lamba kuma ya nuna maka ita kamar `2.34803E+12`.

Sunan da zai fito a maimakon lamba shi ake kira `Sender ID`. Ba ya wuce harafi 11, har da tazara, kuma ba ya karɓar haruffa masu lanƙwasa. Dogon sunan da ke allon shagonka ba zai shiga ba, sai ka gajarta shi, misali `SHAGONTAKI`, harafi goma. Shawarata ita ce ka zaɓi sunan da mutane ke kiran shagon da shi a baki, domin manomi bai san sunan da ke takardar rajistarka ba. Sunan sai an yi masa rajista: ka miƙa wa kamfanin, tare da samfurin saƙon da za ka riƙa turawa, sau da yawa har da takardar rajistar kasuwanci ta CAC, su kuma su kai wa kamfanonin waya. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma kowane kamfanin waya da nasa amincewar. Yana yiwuwa sunanka ya wuce a wani layi, a wani kuma saƙon ya ƙi shiga ko ya fito da wani suna dabam. Duk sunan da ya yi kama da na banki ko na hukuma ba a amincewa da shi, saboda ƴan damfara. Kada ka jira sai mota ta sauke taki sannan ka nemi suna. Ka nema tun wata guda kafin lokacin.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: ba a mayar wa irin wannan suna amsa. Manomi ba zai iya danna kira a kansa ba. Dole lambarka ta kasance a cikin saƙon, kuma ita ma tana cin harafi 11 daga cikin 160 ɗin.

Sai maganar DND, wato tsarin hana talla. A 2016 NCC ta fito da lambar 2442 don mutane su huta da saƙonnin talla. Wanda ya tura `STOP` zuwa 2442 ya rufe ƙofarsa, `STATUS` yana nuna masa matsayin layinsa, `ALLOW` kuma yana sake buɗewa. A ƙauye da yawa ba su ma san layinsu yana kan wannan tsari ba. Wani ɗansa ne ya sa masa lokacin da saƙonni suka dame shi. Saboda haka kamfanonin suna da hanya biyu. Hanyar talla ita ce mai araha, amma ba ta shiga layin da ke kan DND, kuma lokacinta daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare ne. Ɗaya hanyar, wadda za ka ga an rubuta mata `transactional` ko `corporate`, tana shiga kowane layi a kowane lokaci, ta fi tsada, an kuma tanade ta ne don saƙon da ya shafi wata hulɗa tsakaninka da mutumin, kamar shaidar biyan kuɗi ko sanarwar cewa kayan da ya yi oda sun iso. In ka riƙa cusa talla ta cikinta, suna iya rufe sunanka.

Wannan iyakar lokaci tana da muhimmanci a wajenmu. Mai noman rani ya bar gida tun da asuba, kuma wayarsa na iya kwana a wurin mai caji. Saƙon da kake so a yi aiki da shi ranar Laraba, ranar Litinin za ka tura shi. Haka in kana neman masu zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ka ba saƙon kwana biyu.

Yadda ake karanta rahoton isarwa

Kalmar `Sent` ko `Submitted` tana nufin kamfanin ya miƙa saƙon ga kamfanin waya, shi ke nan. `Delivered` ko `DELIVRD` ita ce ke nuna wayar mutumin ta karɓa. `REJECTD` an ƙi karɓarsa ne tun daga ƙofa, galibi saboda DND ko sunan da ba a amince da shi ba. `UNDELIV` yana nuna layin ba ya aiki, ko lambar ba daidai ba ce. `EXPIRED` kuma an yi ta gwadawa har wa'adin saƙon ya ƙare, kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon saitin, wayar tana kashe ko babu sabis.

Ga abin da muka gani a kan saƙon da ke sama. Mun biya naira 5 kan kowane shafi, wato naira 2,000 na mutum 400. Bayan kwana biyu rahoto ya nuna 262 sun isa, 91 an ƙi su saboda DND, 29 wa'adinsu ya ƙare, 18 ba sa aiki. In ka raba 2,000 gida 262, kowane saƙo da ya isa ya ci kusan naira 7 da kwabo 60. Ka ga "naira 5" ta wuce naira 6 ta layinka. Amma in kamfanin yana mayar da kuɗin waɗanda aka ƙi, naira 455 ta dawo, sai lissafin ya koma kusan naira 5 da kwabo 90. Wasu kamfanonin suna mayarwa, wasu ba sa yi, shi ya sa wannan ce tambayata ta farko kafin in zuba ko sisi. Ta biyu ita ce yunit nawa shafi ɗaya yake ci, domin wasu da yunit suke sayarwa, kuma shafi ɗaya na iya cin fiye da yunit ɗaya a wani layin. Ta uku, ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashin.

Amfanin rahoton ya wuce lissafin kuɗi, domin kowane rukuni da maganinsa. Mutum 91 ɗin nan na ware su, na tura musu ta layin shago a kwana uku, kaɗan-kaɗan. Mutum 29 da wa'adinsu ya ƙare, da na duba sai na ga fiye da rabinsu ƴan ƙauyuka biyu ne da sabis ke wahala, sai an fito bakin titi. Su ranar kasuwa ake samunsu, don haka ranar nake sake tura musu. Su 18 kuwa na bi su ɗaya-ɗaya: wasu ni na yi kuskuren rubuta lambar, wasu layin ya daɗe a rufe. Na goge su, don kada mu riƙa biya musu kowane wata.

Ka kuma riƙe cewa `Delivered` ba ya nufin an karanta. Ba ya ma tabbatar da cewa mutuminka ne ya karɓa, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yana sake sayar da shi ga wani. Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: a cikin jerin lambobin ina sa nawa layukan, ɗaya na kowane kamfanin waya. In rahoto ya ce ya isa amma wayar da ke hannuna shiru, na san rahoton nan ba abin dogaro ba ne.

Wajen ɗorewa, wannan hanyar ta fi sauran, tunda jerin lambobi da tarihin saƙonni suna nan a asusunka. Sai dai ka ajiye kwafin lambobin a wajenka, kada kuma ka zuba kuɗi mai yawa lokaci guda. In ka sauya kamfani, sau da yawa sai an sake yi wa sunanka rajista.

Ta hannun mai kafe ko wakili

Ba ta buƙatar dogon bayani. Ka kai masa lambobi a takarda da saƙonka, ya tura daga asusunsa, ya ɗora ribarsa. Sauƙi kam babu kamarta, musamman ga wanda ba ya hulɗa da babbar waya. Mun yi haka sau ɗaya. Saƙon ya fito da wani suna da ba namu ba, da muka nemi rahoto aka nuna mana allon da ke cewa `Sent`, mutane da dama kuma suka ce ba su ga komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne littafin da muka shekara muna tarawa ya kwana a kwamfutar wani. Mutane sun ba mu lambobinsu ne amana, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tara su nauyin kiyaye su. In dole ce ta sa, ka zauna a gefensa har ya tura, ka sa lambarka a jerin, ka ce ya fitar maka da cikakken rahoto bayan kwana biyu, ya kuma goge lambobin a gabanka.

| Abin dubawa | Layinka | Kamfani, hanyar talla | Kamfani, hanyar hulɗa | Mai kafe |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | N6 kan shafi | Galibi mafi araha kan shafi | Ta fi ta talla tsada | Farashin kamfani da ribarsa |
| Abin da ke fitowa | Lambarka | Sunan shagonka | Sunan shagonka | Sau da yawa sunan wani |
| Layin DND | Yana shiga | Ba ya shiga | Yana shiga | Ya danganta da hanyarsa |
| Amsa ko kira | Ana iyawa | Sai ka sa lamba a ciki | Sai ka sa lamba a ciki | Sai ka sa lamba a ciki |
| Rahoto | Ɗaya-ɗaya | Cikakke | Cikakke | Abin da ya nuna maka |
| Wahala | Mai yawa | Ta farko ce kawai | Rajista ta fi tsauri | Kaɗan |
| Babban haɗari | A taƙaita layinka | Biyan saƙon da bai shiga ba | A rufe sunanka in ka yi talla | Lambobinka su fita |

Wacce ta dace da wa

In kwastomominka ba su kai ɗari ba, kamar tela ko mai injin niƙa ko mai gyaran famfon ban-ruwa, ka zauna a kan layinka. Abin da kake buƙata shi ne a kira ka, kuma wahalar rajistar suna ba za ta biya ka ba. Ka dai ware layi na musamman don shago, wanda ba shi da alaƙa da bankinka.

In kana da ɗaruruwan lambobi kuma saƙonka na "kaya sun iso" ne, kamar dillalin taki ko mai sayen riɗi da zoɓo a wajen Maigatari, ka buɗe asusunka ka bi hanyar talla. Ka fara da kuɗi kaɗan, ka gwada da lambobi ashirin daga layuka dabam-dabam, sannan waɗanda DND ta tare ka bi su ta layin shago. Haka muke yi yanzu.

Makarantar Islamiyya ko ta boko mai zaman kanta, ƙungiyar manoma mai karɓar gudummawa, da mai ba da kaya bashi zuwa kaka, su ne suka fi dacewa da hanyar hulɗa, domin saƙonsu dole ya shiga, kuma na mutum ɗaya ne da sunansa. A nan ina roƙon a yi hattara da abin da ake rubutawa. A gidaje da yawa ba mai wayar ne ke karanta saƙon ba, yaro ake kira ya karanta, wani lokaci a gaban jama'a, ko kuma wayar tana hannun mai caji. Da na kawo shawarar mu riƙa rubuta adadin bashin kowa a tes, Yaya ya ce mini, "A'a, kada ka tona wa dattijo asiri a bakin ɗansa. Ka ce ya leƙo shago kawai." Abin da muke rubutawa ke nan, adadin kuma sai ya zo a buɗe masa littafi.

Mai kafe kuwa na wanda zai tura sau ɗaya ne a shekara, kamar gayyatar buɗe sabon shago ko taron ƙungiya, kuma babu wanda zai riƙe masa asusu a gida. In akwai ɗa ko ƙane mai babbar waya, ka sa shi ya buɗe asusun da sunan shagonka da lambarka, kalmar sirrin kuma ta zauna a hannunka.